Yadda ake gwama komand da bon da faktir kafin a biya dila

A watan jiya wani dila da muke sayen kayan gini a wurinsa a Yamai ya aiko mana da faktir na sefa 2,879,800. Maigidana ya ɗauki takardar komand ya duba ƙasanta, ya ga 2,790,550, ya ce da ni: "Malam, bambancin bai kai jikka 90 ba, ƙila kuɗin mota ne. Ka shirya a biya shi, mutumin kirki ne." Na ce: "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa la'asar." Da la'asar ta yi, abin da ya kamata a cire daga faktirin ya kai 152,320. Mutumin kirkin ne kuwa, ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Sai dai tsakanin Yamai da Tawa akwai tafiyar sama da kilomita 500, akwai masu lodi, akwai direba, akwai yaron da ke buga faktir yana kallon komand maimakon ya kalli abin da ya hau mota. Shi ya sa ba a gwama jimla da jimla. Layi da layi ake bi, ga kuma yadda nake yi.

Takardun uku kowace da abin da take shaida. Komand, wadda ake rubuta wa BC a kai, ita ce alkawari: me muka nema, nawa, a kan wane farashi. Bon na rakiyar kaya, wato BL, shi ne abin da dila ya ce ya ɗora wa mota. Faktir kuwa shi ne kuɗin da yake nema. Daga nan ƙa'idar aikin gaba ɗaya ta fito: adadin da ke faktir da abin da ya shiga magazan ake auna shi, farashin da ke faktir kuma da na komand ake auna shi. Wanda ya auna adadin faktir da na komand bai yi komai ba, domin kusan kullum za su yi daidai, tunda daga komand ɗin aka kwafo.

Mataki na farko a bakin mota yake

Kafin a zo maganar kwamfuta, sai an gyara abin da ke faruwa a ƙofar magazan. Lambar da dila ya buga a kan bon maganarsa ce shi kaɗai. Lambar da nake aiki da ita ita ce wadda magazinye ya ƙirga da hannunsa ya karɓa. Don haka a kowane layi na bon muna son lambobi biyu: abin da aka rubuto, da abin da aka karɓa lafiya. Idan sun bambanta, magazinye ya rubuta da biro a jikin bon ɗin, a kan kofin da zai rage mana da kofin da direba zai koma da shi, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, direba ma ya sa nasa.

A nan ne aka fi yin sake. Mota ta iso dab da magariba, direba na son ya kama hanyar Ƙonni kafin dare ya yi, yana cewa "Baba, sa mini hannu kawai, kaya cif suke." Idan magazinye ya sa hannu a bon babu ƙorafi, ya shaida cewa komai ya iso, kuma gobe in ka kira dila za a karanto maka sa hannun mutuminka. Namu magazinyen dattijo ne, ba ya sa hannu sai ya ga an jera rodi goma-goma a ƙasa ya bi da alli. A wannan komand ɗin motoci biyu suka zo. Ta farko ta kawo rodi 200 da kwanon rufi falle 200. Rodin ya cika, amma a cikin kwanon falle 6 igiya ta lanƙwasa su har ba sa sayuwa, sai ya rubuta an karɓi 194, ya mayar da shidan cikin mota. Ta biyu bon ɗinta ya ce rodi 100, da aka ƙirga 90 ne. Fenti bokiti 40 da ƙusa kwali 15 sun cika. Ba don rubutun biron nan ba, da duk abin da zan faɗa a gaba ba shi da amfani.

Mataki na biyu: abin da ake cirowa daga kowace takarda

Ba duk abin da ke kan takarda ake kwafa ba. Daga kan kowace takarda ina ɗaukar sunan dila da lambarsa ta haraji, wato NIF, lambar takardar, kwanan wata, da lambar komand da ta ambata. Daga kowane layi kuma ina ɗaukar lambar kaya, ma'auni, adadi, da farashin ɗaya ba tare da haraji ba, wato HT. Bon yawanci ba ya ɗauke da farashi, kuma ba a buƙatarsa a can.

Lambar komand ita ce igiyar da ke ɗaure ukun. Duk dilan da muke hulɗa da shi na roƙe shi ya riƙa rubuta ta a kan bon da faktir. Wanda ya manta, ina kiransa kafin in shigar da takardar, ba na cikawa da ka, saboda a wata guda muna iya yin komand uku na rodi wurin mutum ɗaya a farashi daban-daban.

Sunan kaya kuwa ba abin dogaro ba ne. Mu mun rubuta rodi mai lamba 10, bon ya zo da wani suna, faktir ya zo da na uku. Sai na ba kowane kaya gajeriyar lamba tamu ta gida: `F10` rodi, `T35` kwano, `P20` fenti, `K08` ƙusa. Ko me dila ya kira shi, da lambarmu nake shigar da shi.

Sai ma'auni, wanda ya fi komai rikita sabon ma'aikaci. Mun yi komand na kwano bandir 10 a kan 60,000 kowane bandir. Bon da faktir sun zo da falle 200 a kan 3,000. In ka shigar da su haka, lissafi zai ce maka an kawo ninki ashirin na abin da aka nema, farashi kuma ya faɗi warwas, alhali babu abin da ya faru: a wurin wannan dilan bandir ɗaya falle 20 ne. Ka zaɓi ma'auni guda ga kowane kaya, mafi ƙanƙanta ya fi, ka juya komai zuwa gare shi tun wajen shigarwa. Komand ɗinmu sai ya koma falle 200 a kan 3,000. Kada ka ɗauka yawan falle a bandir ko nauyin kwalin ƙusa iri ɗaya ne wurin kowa. Ka tambaya sau ɗaya ka rubuta a gefe.

Bayan an gyara ma'auni, komand mai lamba `BC-0147` ya tsaya haka: rodi 300 a kan 3,500, kwano 200 a kan 3,000, fenti 40 a kan 14,000, ƙusa 15 a kan 9,000. Jimla 2,345,000 kafin haraji. TVA na kashi 19 cikin ɗari ya kama 445,550, shi ne aka samu 2,790,550 ɗin da Alhaji ya gani.

Mataki na uku: shafuka uku da mabuɗi ɗaya

Ana iya yin wannan aikin a littafi da rula, na yi shi haka shekaru. Amma in layuka sun wuce talatin a wata, Excel ya fi sauƙi. Kwamfutocinmu na nan galibi na Faransanci ne, don haka fomilolin da sunayensu na Faransanci zan ba da su, kuma da alamar `;` ake raba sassansu.

Ka buɗe shafuka uku, ka sa musu suna `Komand`, `Bon` da `Faktir`. A dukansu kolon B lambar komand ce, C lambar kaya, D adadi. A `Komand` da `Faktir` kolon E farashin ɗaya ne. A `Bon` kuwa D abin da aka rubuto ne, E abin da aka karɓa. Sauran bayanai, irin su lambar takarda da kwanan wata, su bi daga F zuwa gaba. Kolon A na mabuɗi ne, wanda ke haɗa lambar komand da lambar kaya su zama abu ɗaya:

```
=SUPPRESPACE(B2)&"|"&SUPPRESPACE(C2)
```

Layin rodi zai ba da `BC-0147|F10` a duka shafuka ukun. Amfanin `SUPPRESPACE` shi ne share tazarar da yatsa ke bari a ƙarshen rubutu ba a sani ba. Ido ba ya ganinta, amma ita kaɗai ta isa ta sa kwamfuta ta ce layin babu shi.

Wajen buga lambobi kada ka sa aya ko harafin F a jikinsu, ka buga `3500` zalla. Lambar da ta manne a gefen hagu na gidanta maimakon dama, Excel ya ɗauke ta rubutu ne, kuma ba zai tara ta ba. Ba zai yi maka kashedi ba, jimlar ce kawai za ta fito da giɓi.

Mataki na huɗu: shafin gwaji

Shafi na huɗu shi ne wurin da ukun ke haɗuwa. A kolon A ka jera mabuɗai, kowane sau ɗaya. A kula da wannan sosai: mabuɗan daga komand da faktir duka za a kwaso su. In daga komand kaɗai ka ɗauko, duk layin da dila ya ƙara a faktir wanda ba ku nema ba zai wuce ta bayan gida. A namu faktirin akwai layi na biyar, kuɗin mota 45,000, na ba shi lamba `TRP` na shigar da shi da adadi 1.

Kolon B, C da D su ne adadin da aka nema, wanda aka karɓa, da wanda ake neman kuɗinsa:

```
=SOMME.SI(Komand!A:A;A2;Komand!D:D)
=SOMME.SI(Bon!A:A;A2;Bon!E:E)
=SOMME.SI(Faktir!A:A;A2;Faktir!D:D)
```

Dalilin yin tarawa maimakon nemo layi ɗaya shi ne kaya ba sa zuwa a mota guda. Rodinmu ya zo a bon biyu, 200 da 90, fomilar ta tara su ta ba da 290. Da nemowa aka yi, da 200 na farko kaɗai za a gani, a ɗaga hankalin dila a kan rodi 100 alhali 10 ne suka ɓace. Ka lura kuma fomila ta biyu kolon E take karantawa, abin da dattijo ya ƙirga.

Kolon E da F farashin komand ne da na faktir:

```
=RECHERCHEV(A2;Komand!A:E;5;FAUX)
=RECHERCHEV(A2;Faktir!A:E;5;FAUX)
```

Kalmar `FAUX` ɗin nan dole ce. In babu ita, Excel zai kawo maka abin da ya yi kama da wanda kake nema, ka ga farashin ƙusa a layin fenti. Fomilar tana da iyaka guda: layin farko da ta tarar kaɗai take kawowa. Idan kaya ɗaya na komand ɗaya ya zo a faktir biyu, farashin na biyun ba za ta gan shi ba. A irin wannan hali ina buɗe faktirin biyu in duba da ido, ko in tara kuɗin layukan in raba da jimlar adadin kayan in ga ko ya yi daidai da na komand.

Sai tuta a kolon G, da kuɗin da ake jayayya a kansa a kolon H:

```
=SI(ESTNA(E2);"BABU KOMAND";SI(D2>C2;"ADADI";SI(ABS(F2-E2)>1;"FARASHI";"DAIDAI")))
=D2*F2-MIN(C2;D2)*SIERREUR(E2;0)
```

Ta farko tana yin tambaya uku a jere: akwai wannan kayan a komand? Ana neman kuɗin abin da ya fi wanda aka karɓa? Farashi ya motsa? Lambar 1 da ke ciki sassauci ne na sefa ɗaya, saboda in an raba farashin bandir ko kwali zuwa ɗaiɗai akan sami ɓurɓushi. A farashin ɗaya ba na yarda da sassaucin da ya wuce haka. Na ga masu barin kashi 2 cikin ɗari ya wuce, amma kashi 2 na rodin miliyan ɗaya jikka 20 ne, kuma kowane wata zai dawo. Tutar tana tsayawa a matsala ta farko da ta tarar, don haka layin da ya nuna `ADADI` ka leƙa farashinsa ma. Kolon H shi ba ya barin komai, domin yana cire abin da ya halatta a biya daga abin da aka nema. Layin da ba a riga an aiko faktirinsa ba zai nuna `#N/A` a F, G da H, wannan jira ne kawai.

Abin da shafin ya nuna

Rodi: an nemi 300, an karɓi 290, faktir ya ce 300. Tuta ta ce `ADADI`, kuɗi 35,000. Kwano: 200, 194, 200, nan ma `ADADI`, kuɗi 18,000. Fenti adadinsa ya cika, amma faktir ya sa 14,750 a maimakon 14,000, wato ƙarin 750 a bokiti 40, kuɗi 30,000. Ƙusa `DAIDAI`. Kuɗin mota `BABU KOMAND`, 45,000. An tara 128,000 kafin haraji, TVA a kai 24,320, duka 152,320.

Yanzu a koma ga kallon da Alhaji ya yi wa jimla. Faktir kafin haraji 2,420,000 ne, komand 2,345,000, tazara 75,000: ƙarin fenti da kuɗin mota ke nan. Sauran 53,000 na rodi da kwano babu yadda za a yi su bayyana a jimla, tunda a waɗannan layukan faktir da komand bakinsu ɗaya. Kayan ne ba su iso ba. Wani lokacin ma abin ya fi haka ɓoyuwa, a yi ƙari a wani layi a yi ragi a wani, jimla ta fito cif kamar an auna.

Kafin ka ɗaga waya, ka tabbata kuskuren ba naka ba ne, don rabin tutocin da ke tashi a farkon fara wannan aiki daga mai shigarwa suke. Suna da alamomi. In ka raba farashin faktir da na komand ka sami 1.19 a kowane layi, ka shigar da farashi mai haraji a ciki ne, wato TTC, a gurbin HT. In bambancin adadi ninki ne cif, kamar 12 ko 20 ko 50, ma'auni ne ba a juya ba. In adadin faktir ya ninka wanda aka karɓa sau biyu daidai, faktir ɗaya ne ya shiga sau biyu, galibi hotonsa ya fara zuwa ta waya sannan takardar ta biyo direba. Ka duba lambar faktirin da NIF. In kuma abin da aka karɓa ya fito sifili alhali kaya na magazan, ko dai bon bai iso tebur ba, ko an buga masa lambar wani komand.

Akwai hali ɗaya da tutar nan ba ta kamawa: a kawo fiye da abin da aka nema, a kuma yi faktirinsa. Karɓa da faktir sun yi daidai, sai ta ce `DAIDAI`. Shi ya sa nake bin kolon B da C da ido, duk inda C ya fi B in kai wa maigida ya yanke, ko a riƙe rarar a ƙara ta a komand a rubuce, ko a mayar.

Mataki na biyar: warwarewa

Kowace tuta da mai ita. Ta adadi, magazinye ake fara tambaya, a ciro bon mai rubutun biro. Ta farashi da ta layin da babu komand, wanda ya yi cinikin ake tambaya, domin wataƙila an yi wata magana ta waya da ba ta iso takarda ba. Na shiga wurin Alhaji da shafin a hannu na ce: "Ranka ya daɗe, fentin nan kun yi maganar ƙari da shi?" Ya ce a'a. "Kuɗin mota fa?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce cinikin har ƙofar magazan ne aka yi, kuma haka aka rubuta a ƙasan komand. Da ya ce ya amince da ƙarin, da sai in nemi ya rubuta a kan komand ya sa hannu, in gyara farashin a shafi, tutar ta sauka. Abin da ba na yi shi ne in gyara lamba don an ce mini "ai mun yi magana".

Ga dila kuma ba a aika masa da "faktirinka akwai kuskure". Na rubuta masa layi huɗu, kowane da lambar komand, lambar bon, abin da ya rubuta, abin da muka samu, da kuɗin, na haɗa da hoton bon biyun inda sa hannun direbansa yake. Rodi da kwano bai yi gardama ba. Fenti ya ce kaya sun tashi bayan mun yi ciniki, Alhaji ya ce masa komand na hannunsa tun kafin su tashi, ya haƙura.

Kada ka soke lamba a jikin faktir da biro ka rubuta taka. Faktir takardar dila ce, kuma harajin da ke kanta shi ma ya shigar da shi a nasa lissafin. Abin da ake nema shi ne faktirin ragi, wanda ake ce wa abuwar, mai ambaton lambar faktirin farko: 128,000 da TVA 24,320. Idan ya iso, ana shigar da shi a shafin `Faktir`. Ragin adadi yana shiga da alamar cirewa, rodi `-10`, kwano `-6`, kuɗin mota `-1`, sai tarawar ta sauko da kanta zuwa 290 da 194 da sifili. Ragin farashi kuwa ba ya taɓa adadi, don haka a layin fenti na mayar da farashin 14,000 na rubuta lambar abuwar a gefensa. Layin kuɗin mota zai ci gaba da nuna `BABU KOMAND`, amma kolon H nasa ya koma sifili, shi ne abin dubawa. Abin da aka biya a ƙarshe 2,292,000 ne da TVA 435,480, wato 2,727,480.

Saura abu biyu ƙanana. Rodi 10 da kwano 6 har yanzu komand na binsu, sai a yanke ko dila zai ciko su a mota ta gaba da sabon bon da sabon faktir, ko a rufe komand a haka. Mu mun rufe, na rubuta a kai. In kuma wata ya ƙare kaya sun shiga faktir bai iso ba, kontabul na buƙatar adadin da aka karɓa a farashin komand don ya ajiye shi a asusu mai lamba 408 na tsarin SYSCOHADA, kuma kolon C da E sun riga sun ba shi. Daga nan sai in haɗa komand, bon biyu, faktir da abuwar da filin guda, komand a sama, in sa a fayil ɗin dilan, tunda dokar OHADA ta ce takardun lissafi shekara 10 ake ajiye su.